Yanka Hoton Fuska Don a Cire Abin da Ke Gefe

'Yan uwa, idan ƙafadar wani ko bokiti ya leƙo ta gefen hotonku, ku yanka shi a waya tun kafin ku ɗora shi a matsayin hoton profile ɗinku na WhatsApp. A buɗe hoton, a taɓa Edit, sannan Crop, a zaɓi 1:1. Ku guji yankan hannu sakaka, domin WhatsApp zai sake yanka shi murabba'i, har ya iya cin hula ko ɗankwali.

Misali, hoton kwance mai faɗin pixel 4000 da tsayin pixel 3000, wato ƙananan ɗigon da suka haɗa hoton. Da an zaɓi 1:1 sai ya koma 3000 ta kowane ɓangare, wato an samu rarar 1000. Sai a ja akwatin duka zuwa gefen da ke da tsabta, rarar ta tafi da bokitin. In har yanzu yana leƙowa, a rage akwatin ta kusurwa, amma kar ya gaza 640, in ba haka ba fuska za ta dusashe.

Kuma da'ira ake nuna hoton, kusurwoyi huɗun ɓoyewa suke yi. Saboda haka fuska ta zauna a tsakiya, a bar ɗan sarari saman kai.