Darasi na Tara: Sabon Aiki, Sabon Layi

A darasin da ya gabata mun koyi rubuta aiki a littafi: lamba, kwanan wata, irin aikin, kuɗi da ranar karɓa. Yau za mu ga abin da ake yi idan mai kaya ya dawo ya ce a ƙara masa wani abu bayan an gama ciniki.

Mu ɗauki misalin tela ana saura mako biyu Sallah. Ranar Litinin, 3 ga wata, wani Alhaji ya kawo shadda yadi biyar. Tela ya auna shi, suka daidaita, ya rubuta:

Lamba 41. Litinin 3 ga wata. Riga da wando, babu aikin wuya. Kuɗi naira 8,000. Kafin alƙalami 5,000. Ciko 3,000. Karɓa: Litinin 10 ga wata.

Ranar Alhamis sai ga Alhaji ya biyo ta shagon. Ya ce, "Malam, a ɗan sa mini aiki a wuya mana, ko kaɗan ne."

Kalmar nan "ɗan" ita ke cin tela. Aikin wuya ba a keken tela ake yin sa ba. Sai an kai wa mai aikin wuya, a sayi zare, a bi layi, kuma a lokacin Sallah layin yana da tsawo. A ce zai ci naira 4,000 da kwana uku.

Abin da teloli da yawa ke yi shi ne su koma lamba 41, su soke 8,000 su rubuta 12,000 a samansa, su cusa "da aiki" a gefe. Ranar karɓa kuwa sai a manta da ita, tana nan 10 ga wata. Ranar Litinin Alhaji ya zo, riga tana wurin mai aikin wuya. Ransa ya ɓaci, ya ce, "Yau ka ce mini, kuma ai dubu takwas muka yi." Tela ya buɗe littafi don ya kare kansa, sai ga rubutu a soke. Ba ranar da aka yi ƙarin, ba abin da ke nuna cinikin farko. Mai kallo ma cewa zai yi tela ne ya ƙara kuɗi da kansa.

Don haka kada ka taɓa lamba 41. Ka je ƙarshen rubutunka ka buɗe sabon layi:

Lamba 47. Alhamis 6 ga wata. Ƙari a kan 41: aikin wuya. Kuɗi naira 4,000. Bai biya ba. Karɓa: Alhamis 13 ga wata.

Ka karanta masa da ƙarfi tun yana tsaye: "Alhaji, aikin wuya dubu huɗu ne, kuma zai kai mu ranar Alhamis mai zuwa. A yi?" Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, don wani idan ya ji kuɗin da kwanakin sai ya ce a bar shi haka. Idan ya fasa, ka ja layi ɗaya a kan 47, cinikin farko yana nan lafiya. Idan ya yarda, abu ɗaya kawai za ka rubuta a gefen 41: "duba 47". Wannan zai tuna maka cewa rigar ba za ta fita ranar 10 ba.

Ranar Asabar kuma ya aiko yaro da ragowar yadi, a ɗinka wa ƙaramin ɗansa 'yar riga. Ita ma lambarta daban, kuɗinta daban. Ko da kyauta za ka yi masa saboda tsohon mai kawo maka aiki ne, ka rubuta, ka sa "kyauta" a wurin kuɗi. Kyauta ma tana cin rabin yini a kan keke.

Ba kowane canji ne sabon aiki ba. Idan ka rubuta tsawon hannu 22 alhali 24 ka auna, kuskurenka ne, ka gyara a nan cikin 41 da layi ɗaya, yadda tsohon rubutun zai riƙa karantuwa. Ka tambayi kanka: abin nan zai ƙara kuɗi, ko kaya, ko kwana? Idan zai ƙara ko ɗaya, sabon layi ne.

Aikin yi: rubuta lamba 41 da 47 a littafinka, ka ƙara layin rigar yaro a kan naira 2,500. Nawa ne cikon Alhaji gaba ɗaya ranar da zai karɓi kayansa?