Shayin citta da lemun tsami don ciwon maƙogwaro

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hunturun Katsina ya kama, ƙura da sanyin asuba sun sa kusan kowane gida akwai mai kukan maƙogwaro. Ga abin da nake haɗawa a gidana.

Ki samo ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, ki wanke, ki kankare bawon, ki yanka sirara ko ki ɗan daddaka ta. Ki zuba a ruwa kofi biyu ta tafasa minti 10, sannan ki sauke ki tace. Kada ki matse lemun tsamin tun tukunya na kan wuta. Ki bari ya huce ya zama mai ɗumi, sai ki matse rabin lemo, ki zuba zuma cokali ɗaya na shayi. A kurɓa a hankali, sau biyu ko uku a rana. Mai gyambon ciki ya rage cittar da lemon, don suna iya tayar masa da zafin ƙirji. Zuma kuwa, don Allah kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Wannan shayin raɗaɗi yake sauƙaƙawa, ba ya kashe ƙwayar cuta. In aka ga farin ruɓa a kan hakin wuya, ko kaluluwa ta fito a wuya tare da zazzaɓi mai zafi, musamman ga yaro, a kai shi asibiti, domin irin wannan in an bar shi yakan taɓa zuciya. Haka ma in ciwon ya kai mako guda bai lafa ba. In kuwa numfashi yana sarƙewa, ko yawu ma ya gagara haɗiyewa, a tafi nan take, ko da tsakar dare ne.

Allah ya ba mu lafiya.