Kurakuran da aka fi yi wajen karanta ma'aunin Aroon, da yadda ake gyara su

Yawancin asarar da masu tiredin ke yi da ma'aunin Aroon daga wuri guda take fitowa: suna ɗaukar sa kamar yana auna ƙarfin farashi, alhali lokaci yake ƙirgawa. Agogo ne, ba sikeli ba. Tushar Chande ne ya fito da shi a 1995, kuma tambayoyi biyu kawai yake amsawa. Kyandir nawa, wato sandunan jadawali da kowanne ke nuna motsin farashi na wani lokaci kamar rana ɗaya, suka wuce tun da farashi ya kai ƙololuwarsa a cikin zangon da ka zaɓa? Kyandir nawa kuma suka wuce tun da ya kai ƙasansa? Layin Aroon Up ke amsa ta farko, Aroon Down ke amsa ta biyu.

```
Aroon Up   = (N - bars since highest high) / N * 100
Aroon Down = (N - bars since lowest low)  / N * 100
```

N shi ne tsawon zangon, kuma an fi sa 25. Idan yau aka yi ƙololuwar, Aroon Up zai nuna 100. Idan jiya ne, 96. Shekaranjiya, 92. Haka yake sauka da maki 4 a kowane kyandir har ya kai sifili. Ka duba lissafin nan da kyau, babu inda girman motsin farashi ya shiga. Ko da kobo ɗaya farashi ya wuce tsohuwar ƙololuwa, ko da naira dubu ya wuce ta, 100 ɗin ɗaya ce.

Ganin layi yana sauka, a ce farashi na faɗuwa

Mutum ya saya, Aroon Up na kan 100, bayan kwana huɗu ya ga ya dawo 84, sai hankalinsa ya tashi ya sayar. To me ya faru a kasuwa? Mai yiwuwa ba komai. Farashi na iya tsayawa dab da ƙololuwa yana hutawa, layin kuma dole ya sauka, domin kwanaki na wucewa. Saukar Aroon Up a hankali, maki 4 a kullum, abin da take faɗa shi ne ba a yi sabuwar ƙololuwa ba. Ba ta ce an faɗi ba.

Gyaran shi ne ka dubi ɗaya layin. Idan Aroon Up na sauka amma Aroon Down na kwance ƙasa da 30, masu sayarwa ba su karɓe kasuwa ba tukuna. Idan duka biyun na gangarowa tare, kafaɗa da kafaɗa, kasuwa ta shiga kai-komo ne a tsakanin iyakoki biyu, ba sabuwar ƙololuwa, ba sabon ƙasa. A irin wannan lokaci jira ake yi.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskure da waɗanda suka saba da RSI, wani ma'auni da ke auna ƙarfin motsin farashi, suke yi. Suna ganin 100 sai su ce farashi ya yi tsada, lokacin sayarwa ya yi. A Aroon akasin haka ne. Layin da ya manne tsakanin 70 da 100 na tsawon makonni alama ce ta hawa mai ƙarfi, domin kasuwa na ta maimaita sabuwar ƙololuwa kafin tsohuwar ta tsufa.

Tsallakawar da ba kasuwa ce ta haife ta ba

Wannan ne babba, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa. An koya wa mutane cewa idan Aroon Up ya tsallake Aroon Down zuwa sama, sabuwar tafiya ta fara, a saya. Wani lokaci gaskiya ne. Amma layin na iya yin tsalle mai ban mamaki ba tare da farashi ya motsa ba, saboda kawai tsohuwar ƙololuwa ta fice daga zangon lissafi.

Mu ƙaddara wani hannun jari a jadawalin kullum, N kuma 25 ne. Rana ta 1 farashi ya kai 120. Daga nan ya kama gangara: ƙololuwar rana ta 2 ta tsaya a 117, ta 3 a 114, ta 4 a 111, ta 5 a 107. Rana ta 9 ya taɓa 100, wanda shi ne ƙasansa. Bayan haka sai ya zauna yana kai-komo tsakanin 102 da 108, kuma 108 ɗin a rana ta 25 ya taɓa ta.

A rana ta 29, lissafi na duba baya har zuwa rana ta 4. Farashi mafi girma a wannan zango shi ne 111 na rana ta 4, kwana 25 ke nan da suka wuce, don haka Aroon Up sifili ne. Ƙasan 100 kuwa kwana 20 ke nan, Aroon Down na kan 20.

Washegari, rana ta 30, rana ta 4 ta fita daga lissafi. Yanzu mafi girman abin da ya rage shi ne 108 na rana ta 25, wanda kwana 5 kacal ke nan. Aroon Up ya tashi daga sifili ya dira a 80. Aroon Down ya sauka 16. A kan allo abin gwanin sha'awa: layi ya miƙe tsaye, ya tsallake ɗan'uwansa, ya wuce 70. Aroon Oscillator, wanda shi ne Aroon Up a cire Aroon Down, ya tashi daga -20 zuwa +64 a dare ɗaya. Farashi fa? A ce ya rufe a 104, ƙasa da inda ya rufe jiya ma. Wanda ya saya a nan ya saya ne a tsakiyar kasuwar da ba ta zuwa ko'ina.

Gane wannan ba wuya, kuma lissafin da kansa ne ke tona asiri. Sabuwar ƙololuwa ta gaske kullum 100 cif take bayarwa, domin kyandir sifili ne suka wuce tun da aka yi ta. Duk lokacin da Aroon Up ya yi tsalle daga sifili ya tsaya a 80, ko 64, ko 92, ba a yi sabon abu yau ba, tsohon abu ne ya fice. Sai ka kai linzamin kwamfuta ko yatsanka kan layin ka karanta adadin, kada ka dogara da kamannin zanen.

Ko 100 ɗin ma ba ta isa ita kaɗai ba. A misalinmu, idan rana ta 31 farashi ya leƙa 108.2 ya dawo ya rufe a 105, Aroon Up zai nuna 100, alhali kasuwa na nan cikin kejinta, kuma tana nesa da 120. Ni abin da nake nema kafin in yarda tafiya ta fara abu uku ne a tare: layin ya taɓa 100, kyandir ya rufe a saman iyakar kai-komon, wato sama da 108 a nan, sannan a cikin kwanaki kaɗan layin ya sake komawa 100 kafin ya sauka ƙasa da 70. Wannan komawar ta biyu ita ce shaidar cewa masu saye na ci gaba da turawa. Za ka shiga a makare kaɗan, gaskiya ne, amma kuɗin makarar bai kai kuɗin shiga tarko ba.

Lagwani da ranar labari

Tun da yawancin manhajoji da ƙololuwa da ƙasan kyandir suke lissafi, ba da farashin rufewa ba, dogon lagwani guda, wato siririn layin da ke fitowa a sama ko ƙasan kyandir, ya isa ya juya ma'aunin. A ranar da Amurka ke fitar da alƙaluman ayyukan yi, wanda galibi Juma'ar farko ce ta wata, ko ranar da babban bankinta ke sanar da kuɗin ruwa, zinariya da dala kan yi tsalle sama da ƙasa cikin mintuna. Kyandir ɗaya na iya kafa ƙololuwa da ƙasa gaba ɗaya, layukan biyu su tsaya a 100.

Nan ne masu duba Aroon Oscillator shi kaɗai ke ruɗewa. Zai nuna sifili. Haka ma zai nuna sifili idan layukan biyu na kan 20. Na farko kasuwa ce da ta haukace, na biyu kasuwa ce da ta yi barci, amma adadi ɗaya. Saboda haka a bar layukan biyu a kan allo. Kuma a tuna cewa irin wannan lagwani zai zauna cikin lissafi har kyandir 25 masu zuwa. Farashi na iya hawa a hankali duk tsawon lokacin nan ba tare da ya kai bakin lagwanin ba, Aroon Up kuwa na ta sauka kamar babu abin da ke faruwa.

Canza N a bar 70 da 30 yadda suke

Manhajar TradingView na zuwa da 14 a matsayin tsawon zango, littattafai da darussa da yawa kuwa a kan 25 suke bayani. Mutum ya karanta ƙa'ida a kan 25, ya je ya yi aiki da ita a kan 14, bai lura ba. A zangon 25, kasancewa sama da 70 na nufin an yi ƙololuwa cikin kyandir 7 da suka wuce. A zangon 14 kowane kyandir na cin maki 7 da ɗoriya, don haka cikin kyandir 4 ne. Hutun kwana biyar da ba zai girgiza na 25 ba zai fitar da kai daga ciniki a na 14. Tsallen bogi irin na rana ta 30 ma ya fi yawa a gajeren zango, domin tsofaffin ƙololuwa na saurin ficewa.

Kafin ka amince da kowane adadi, mayar da shi zuwa kyandirori ka tambayi kanka ko wannan tsawon lokaci na da ma'ana a jadawalin da kake kai. Kyandir 25 a jadawalin kullum na hannun jari mako biyar ne na ciniki. A jadawalin minti biyar, awa biyu ne da minti biyar, kuma ƙololuwar awa biyu ba ta cika faɗin wani abin kirki game da alƙiblar kasuwa ba.

Masu amfani da manhajar MetaTrader kuma, da yake sauko da ma'aunin suke yi daga wajen wasu, su gwada shi da hannu sau ɗaya. Nemo ƙololuwa, ƙirga kyandirori zuwa na yau, yi lissafin, ka kwatanta da abin da allo ya nuna. Wasu da farashin rufewa suke aiki, wasu kuma layinsu ba ya taɓa kaiwa sifili saboda sun rage kyandir ɗaya a zangon.

Neman wurin fita a wajen Aroon

Da yake babu farashi a cikin amsarsa, Aroon ba zai faɗa maka inda za ka ajiye `Stop Loss` ba, wato farashin da za a rufe cinikinka don taƙaita asara, kuma jiran sa ya ba da alamar fita na da tsada. Ka ɗauka farashi ya hau daga 100 zuwa 140 cikin kwana 20, sannan ya fara zubewa. Aroon Down ba zai taɓa 100 ba sai farashi ya karya mafi ƙasan abin da ke cikin zangon, wanda a lokacin yana can wajen 100. Kafin nan kaso mai yawa na ribar ya tafi. Wurin fita daga jadawalin farashi ake ɗaukar sa, ƙarƙashin ƙasan da kasuwa ta yi na baya-bayan nan, ko a auna tazarar da ATR, ma'aunin matsakaicin faɗin motsin farashi, a kuma matsar da shi sama duk lokacin da Aroon Up ya sake taɓa 100.