Babi na 4: Neman aikin farko ta hannun waɗanda suka san ka

Ɗauko takarda da biro. Kada ka ce za ka riƙe a ka, yau rubutawa za mu yi.

Mai aikin kansa, wato wanda ba ya ƙarƙashin wani kamfani, yakan samu aikinsa na farko daga mutanen da suka riga suka ga aikin hannunsa. Baƙo yana tsoron ba ka aiki don bai san ka ba. Wanda kuka yi shekara 3 a ofis ɗaya kuwa ya san ko kana cika alkawari.

Darasi na 1: Jera sunaye

Ja layi 2 daga sama zuwa ƙasa, takardar ta rabu gida 3. A gida na farko rubuta tsoffin abokan aiki. A na biyu, waɗanda ka taɓa yi wa aiki. A na uku, mutanen da kuka haɗu ta hanyar wani aboki. Ka kai suna 20. Idan ka tsaya a 8, ba komai, buɗe lambobin da ke wayarka ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kada ka raina gida na uku. A 1973 wani masanin zamantakewa mai suna Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki yakan zo ne daga waɗanda ba a cika haɗuwa da su ba. Amininka mutanen da ka sani shi ma su ya sani. Na nesa yana shiga inda ba ka shiga.

Darasi na 2: Faɗi aikinka a jimla ɗaya

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe.

Wata ɗalibata da ta bar aikin akawu ta aika wa mutum 10 saƙo cewa: "Na fara aikin kaina, idan kun ji wani abu ku taimaka." Duk sun yi mata fatan alheri, amma ko mutum ɗaya bai kawo aiki ba. Ba rowa suka yi ba. Wane abu za su ji? Ba ta faɗa ba.

Muka zauna muka gyara saƙon, ya koma haka:

"Salamu alaikum Malam, ya aiki? Ni ce wadda muka yi aiki tare a sashen kuɗi. Yanzu ina yi wa masu ƙananan shaguna lissafin shiga da fita na ƙarshen wata. Ko ka san mai shago ɗaya da lissafi ke ba shi wahala? Idan akwai, don Allah ka haɗa mu."

Duba da kyau. Ta tuna masa ko ita wace ce. Ta faɗi aikin da take yi, ta faɗi wanda take yi wa. Sannan ta nemi mutum ɗaya tak. Da ya karanta "mai shago", fuskar wani ta faɗo masa a rai, ya tura mata lambarsa.

Yanzu rubuta taka jimlar: wane aiki, kuma wa kake yi wa. Karanta wa na kusa da kai, ka ce ya maimaita. Idan ya kasa, jimlar ba ta yi ba, sake rubutawa. Wane aiki, wa kake yi wa. Sannu a hankali, za ka iya.

Amma ina ganin wasu har yanzu suna rubuta "ina yin kowane irin aiki". Haba! Sau nawa zan faɗa? Wanda ya ce yana yin komai, ba a tuna shi idan buƙata ta taso. Soke shi. Wane aiki, wa kake yi wa. Kuma kowa da saƙonsa da sunansa, ban da tura saƙo ɗaya ga mutum 20 a lokaci guda.

Darasi na 3: Tsohon maigidanka

Ya san aikinka, kuma wataƙila gurbin da ka bari bai cike ba. Faɗa masa kana karɓar aiki na ɗan lokaci. Amma fara duba takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu, domin wasu yarjejeniyoyin suna hana ka janye kwastomomin kamfanin bayan ka tafi.

Darasi na 4: Idan aka yi shiru

Jira mako 1, ka tuna wa wanda ka aika wa saƙon sau ɗaya. Idan ya haɗa ka da wani, koma ka gaya masa yadda kuka ƙare.

Aikin gida: aika saƙo 5 kafin zama na gaba, ka zo da takardarka.