Darasi: Yadda Ake Lalubo Bugun Jini a Jiki

Jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ba ko'ina ake jin bugunta ba, sai inda ta taso kusa da fata, kuma akwai ƙashi ko tsoka mai ƙarfi a ƙarƙashinta. Don haka a fara neman alamar wurin, kafin a nemi bugun.

A wuyan hannu aka fi dubawa. Mutum ya zauna ya huta minti 5, ya ɗora hannunsa tafin yana kallon sama. Bi babban yatsansa ka gangaro har ka wuce layin da ke wuyan hannu da kamar faɗin yatsa ɗaya. Za ka ji gefen ƙashi ta waje, ta ciki kuma wata jijiya mai tauri kamar igiya, wadda ke miƙewa idan ya lanƙwasa hannu. Wannan ba ta bugawa. A ɗan kwarin da ke tsakaninta da ƙashin ne jijiyar jini take kwance. Ɗora manuniya da yatsan tsakiya, ka danna a hankali.

Kuskure biyu ne suka fi yawa a nan. Mai dannawa da ƙarfi toshe jijiyar yake yi, bugun ya ɓace, sai ya sassauta ya ji ya dawo. Mai amfani da babban yatsa kuwa yana iya ƙirga bugun kansa, domin yatsan yana da nasa.

Idan ka samu, ƙirga na sakan 30 ka ninka biyu. Misali ka ƙirga 38, to 76 ke nan a minti ɗaya, kuma babba mai hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100. Idan bugun yana tsallake ko ba ya tafiya daidai, ninkawa za ta yaudare ka, sai ka cika sakan 60.

Na wuyan hannu yakan yi rauni idan hannu ya yi sanyi ko mutum ya zubar da jini da yawa. A nan sai a koma wuya. Taɓa zakaran wuya, ka zame da yatsu biyu zuwa gefe har su faɗa kwarin da ke tsakanin maƙogwaro da doguwar tsokar da ta sauko daga bayan kunne. Gefe ɗaya kawai ake taɓawa, kuma ba a murzawa. Jijiyoyin jini biyu da ke gefen wuya, dama da hagu, su ke kai wa ƙwaƙwalwa mafi yawan jininta, danne su tare yana iya sa mutum ya suma.

A ƙafa, musamman ga mai ciwon suga, ana dubawa a bayan idon sawu na ciki, tsakanin ƙashin da agara. Akwai wata a saman ƙafa: a ɗaga babban yatsa, a taɓa gefen jijiyar da ta miƙe, ta ɓangaren sauran yatsu. Wasu masu lafiya ma ba a jin wannan, shi ya sa ake gwada ƙafa biyun. Idan ɗaya ta yi sanyi, ta canja launi, ba bugu, a kai mutumin asibiti nan take.