Me ya sa tiken kantinku ke fitowa da haruffan aljanu?

Satin da ya wuce wani abokina mai kantin kayan masarufi nan Tawa ya kira ni, wai malam zo ka gani, imprimantin nan da na sayo daga Yamai ta haukace, kome na buga sai ta fiddo mini rubutun aljanu. Na je na duba tiken. Inda ya kamata a ga Lait concentré sai ga Lait concentr├®, inda kuma ya kamata a ga 12 500 F sai ga 12ÔÇ»500 F, ga harafin F ɗin wani layi ya gudu ya sauka ƙasa shi kaɗai kamar maraya. Har ya fara shirin maida ta wurin mai ita. Na ce mishi Alhaji dakata, na'urar ga lafiyarta lau, abin da yaronka ya aika mata shi ta buga.

Abin da ya kamata mutum ya fara ganewa shi ne ita ƙaramar imprimantin tike ba ta san kalma ba, lambobi take karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowace daga 0 zuwa 255, abin da muke ce ma okte. In lambar ta kama daga 32 zuwa 126 ba gardama, A dai A ce a ko'ina. Amma daga 128 zuwa sama sai ta duba wani tabulo da ke cikinta ta ga wane harafi ne ke zaune a wannan lamba, kuma tabulon ba ɗaya ba ne, suna da yawa. Sauran lambobin ƙasa kuma, kamar 27 da 29, wato ESC da GS, su ba haruffa ba ne, umarni suke buɗewa. Wannan tsari shi ne ESC/POS, kamfanin Epson ya fito da shi, kuma galibin masu arhar nan da ke cikin kasuwa shi suke kwaikwayo, wasu da kyau wasu kuwa sama-sama.

To kuskuren farko kuma babbansu, aika rubutu da UTF-8 kai tsaye, wato tsarin juya haruffa zuwa okte da aka fi amfani da shi. Ordinata da salula duk da shi suke aiki yanzu, shi ya sa mutum ba ya ma tunanin akwai matsala. A UTF-8 harafin é okte biyu ne, C3 da A9 a lissafin hexa, wato mai tushe 16. Imprimanti ba ta san tare suke ba, sai ta buɗe tabulonta ta buga kowane daban. In tana kan PC850 ko PC858 za ka ga ├®, in PC437 ne za ka ga ├⌐, in kuma WPC1252 ne sai Ã©. Wato shi kanshi shirmen yana gaya maka tabulon da take kai, kar ka yaga tiken ka yar, karanta shi tukuna.

Gyaran kuwa ƙafa biyu gare shi, kuma mutane ɗaya suke yi su bar ɗaya. Dole ka gaya ma imprimanti tabulon da za ta ɗauka da umarnin ESC t, kuma dole kai ma ka juya rubutunka zuwa wannan tabulon kafin ka aika. In ka ce mata PC858 amma ka juya rubutu zuwa 1252, é ɗinka zai tafi a matsayin E9, ita kuma a PC858 E9 harafin Ú ne, sai ka ga concentrÚ. Ga yadda na yi mishi:

```python
b = b"\x1b\x40"        # ESC @
b += b"\x1c\x2e"       # FS .
b += b"\x1b\x74\x13"   # ESC t 19
b += "Lait concentré\n".encode("cp858")
```

Ka lura da jerin. ESC @ yana maida na'ura yadda take lokacin da aka kunna ta, har da tabulon, saboda haka shi ke zuwa farko. Na sha ganin wanda ya zaɓi tabulo sannan ya sa ESC @ bayanshi, ya share aikinshi da hannunshi, sai ya zauna yana zagin ƴan China. Sannan 19 ɗin nan okte ɗaya ne, 13 a lissafin hexa, shi ne \x13 na cikin kodin. In ka rubuta "19" kamar rubutu, haruffa biyu ka aika, na'ura za ta ɗauki "1" a matsayin lamba 49 ta tafi wani tabulo can daban, ta buga maka 9 a saman tike ba dalili. Duk tiken da ka gani da wata lamba tsirara a farkon layi, to nan ne.

Wani abin kuma, lambar tabulo ba ɗaya take ba a kowace na'ura. A wurin Epson 0 shi ne PC437, 2 PC850, 16 WPC1252, 19 PC858, amma masu kwaikwayo wasu sun sauya jerin. Hanya mafi sauƙi, kashe ta, danne butan FEED, kunna ta kana danne, za ta fiddo takardar gwaji, yawanci a ciki za ka ga tabulon da take kai, wasu ma har da jerin lambobin duka. In takardar ba ta faɗi kome ba, aika mata okte biyu, 82 da E9 na hexa, ka duba wanne ya fito é. In na farko ne tana cikin dangin 437, 850, 858, in na biyu ne 1252. Ni dai ban cika son PC437 ba don faransanci, yana da é da è da à, amma ba shi da manyan È da Ê da À, to ranar da ka rubuta CRÈME da manyan baƙaƙe za ka gane.

Shi kuma FS . da na sa a layi na biyu, dalilinshi shi ne wasu na'urorin suna zuwa a buɗe kan yanayin sinanci. A wannan yanayi duk okten da ya haura 128 sai ta haɗa shi da na gabanshi ta yi harafi guda na China. Ka rubuta Légumes, é ta tafi, g ma ta tafi da ita, sai wani zane mai kama da ɗaki a tsakiya. Kome ka yi da ESC t ba zai yi aiki ba sai ka rufe wannan ƙofar tukuna.

Yanzu ga 12ÔÇ»500 ɗin Alhaji, wanda ya fi ba ni dariya. Ba aksan ko ɗaya cikin lamba, to daga ina? Lojisiyel ɗin ne ke tsara kuɗi irin na faransanci, ya raba dubu da tazara, sai dai ba tazarar da ka sani ba ce, wata siririya ce U+202F, a ido iri ɗaya, a UTF-8 kuwa okte uku ce, E2 80 AF. Kuma ba ta cikin PC858, don haka ko ka juya rubutun sai dai ka samu kuskure ko alamar tambaya. Sauya ta da tazara ta yau da kullum kafin kome. Haka ma alamar nan mai lanƙwasa ’ da salula ke sa maka cikin d’arachide, ita ma sai an maida ta miƙaƙƙiya, in ba haka ba ÔÇÖ za ka gani.

Sai namu na gida. ƙ, ɗ, ɓ, ƴ ba su cikin ko ɗaya daga tabulolin ga da na ambata, kar ka wahalar da kanka da nema. Python zai tsaya da UnicodeEncodeError, in kuma ka sa errors="replace" sai kiliyan ya ga ?osai maimakon ƙosai. Abin da na fi yi shi ne na sauke su, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, mai karatu Bahaushe ne zai gane, ba wanda zai ga kosai cikin tike ya ɗauka wani abu ne. In sunan kanti ne kake son ya fito da ƙugiyarshi, buga wannan layin kaɗai a matsayin hoto da GS v 0, sauran tike ya tafi a rubutu. Wasu tike duka suke maidawa hoto don su huta, yana yi, sai dai ta bulutut za ka tsaya jira, layi na ƙara tsawo a gaban kanti.

Batun F da ya sauka ƙasa kuwa lissafi ne kawai. Takarda mai faɗin milimita 58 galibi ɗigo 384 ke shiga layi, harafin Font A faɗinshi ɗigo 12, wato haruffa 32. Mai 80 kuma 48 ne in tana da ɗigo 576, wasu 42, sai ka duba taka. Lait concentré x3 haruffa 17 ne, 1 500 F kuma 7, saura tazara 8, cif 32. Amma da é ta rabu biyu sai suka zama 33, na ƙarshe ya rasa wuri ya sauka. Don haka ka gyara rubutun tukuna, ka ƙirga bayan nan, kuma ka yanke sunan kaya in ya yi tsawo, kar ka taɓa yanke kuɗi:

```python
def layi(suna, kudi, fadi=32):
    suna = suna[:fadi - len(kudi) - 1]
    return suna + " " * (fadi - len(suna) - len(kudi)) + kudi + "\n"
```

In ka ninka girman harafi da GS ! 11 na hexa don TOTAL ya fito ɓaro-ɓaro, ka tuna layin ya koma haruffa 16, sai ka ba shi fadi=16, kuma ka rufe shi da GS ! 00 bayan layin. Umarnin nan ba sa mutuwa da kansu. Ka buɗe kauri da ESC E 1 ka manta, har tiken kiliyan na gaba zai fito da kauri in ba ka da ESC @ a farko. ESC a na tsakaita rubutu shi kuma a farkon layi kaɗai yake aiki, in ka cusa shi bayan ka riga ka fara rubutu na'ura za ta yi kamar ba ta ji ba.

Da muka gama duk wannan Alhaji ya buga na gwaji, kome ya zauna daidai, ya fizge takardar, sai Mun gode na ƙasa ya rabu biyu, rabi a hannunshi rabi cikin na'ura. Ya dube ni ya ce to malam wannan kuma wane aljanin ne? Na ce wannan ba aljani, wurin da ake bugawa yana ƙasa da haƙoran yanka, layin ƙarshe bai kai ga fitowa ba. Muka ƙara ESC d 4 ya tura layi huɗu kafin yanka. Tashi ma ba ta da wuƙa, irin ta aljihu ce, GS V da yaron ya sa ba abin da yake yi, da hannu ake yagewa, sai muka cire shi.