Yadda ake tsayar da wurin haɗuwa kafin a shiga cunkoson tasha

Wanda ya taɓa jan ayari ya san yadda abin yake, jirgin ƙasa ya tsaya, mutane sun yi caa a bakin ƙofa, ka waiwaya ka ga babu mutum biyu a cikinku. To maganar inda za a haɗu tun kafin a shiga tashar ake gama ta, ba sai an rabu ana ta kiran waya ba, don sau da yawa a wannan hayaniyar ko wayar ta yi ƙara ba mai ji, wani ma cajinsa ya ƙare.

Da farko ku zaɓi abu guda ɗaya tak wanda ba ya motsi kuma babu irinsa biyu a tashar. Nan ne mutane suke kuskure wallahi. Sai a ce "mu haɗu a bakin ƙofa" alhali ƙofofin huɗu ne, ko "wajen masu sayar da tikiti" alhali tagogin sun kai goma. Ku ce ƙarƙashin babban agogo, ko teburin tambaya, kuma in tashar mai bene ce a faɗi sama ko ƙasa. Kar ku zaɓi gindin matakala ko tsakiyar hanya, turereniya ba za ta bar mutum ya tsaya ba, gefe ake nema inda za ka jingina da bango. In da hali ku taka ku je wurin tare kowa ya gani da idonsa.

Sai lokaci. A ce ku shida ne, jirgi zai tashi 4:00, sai ku yanke cewa duk wanda ya ɓace ya nufi agogo, a jira shi zuwa 3:40. In bai zo ba mutum ɗaya ya tsaya, sauran su wuce da kaya. Mutum ɗaya fa, kar kowa ya bazama nema, haka ake mayar da ɓatan mutum ɗaya ya zama na uku. Kuma kowa ya riƙe tikitinsa a jikinsa, kar a tara wa shugaban tafiya.

Abin da aka fi mantawa shi ne in ƙofar jirgi ta rufe wasu na ciki wasu na waje. Ku yanke tun farko, na ciki su sauka a tasha ta gaba su tsaya nan inda suka sauka, na baya su biyo jirgi na gaba, in kuma tikitin na jirgi ɗaya ne to a haɗu can inda za a sauka.

Yara kuwa dokarsu daban, yaro ya tsaya cak inda yake, babba ne zai dawo. A sa masa takarda a aljihu mai lambar waya da sunan wurin haɗuwa, a nuna masa irin kayan ma'aikatan tashar don ya san wanda zai miƙa wa.